Kumburin Saifa: Jinin Yana Nan, Tsare Shi Aka Yi

Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara a ƙasar Hausa ya san wannan tabo. Ka ɗaga rigar marar lafiya sai ka ga jerin 'yan tsage-tsage a gefen hagu na cikinsa, ƙasa da haƙarƙari, wasu sun tsufa sun dushe, wasu ko warkewa ba su gama ba. Aikin wanzami ne. Kuma a yi masa adalci, bai ɓata wuri ba, daidai kan saifa ya sa askarsa, domin nan ne mai ciwon ya nuna masa, nan ne kuma hannu ke jin wani abu mai tauri da bai kamata a ji ba. Abin da askar ba ta kaiwa gare shi shi ne dalilin kumburin, da kuma ɓarnar da saifar ke yi wa jini tana daga can ciki.

Saifa lafiyayya ba ta kai girman da za a taɓa ta ba. A jikin baligi tsawonta bai wuce santimita 11 zuwa 12 ba, nauyinta wajen giram 150, tana kuma ɓoye a bayan haƙarƙarin hagu, kusa da tumbi. Sai ta ninka girmanta kamar sau biyu ko uku kafin bakinta ya leƙo ƙasan haƙarƙari har yatsun likita su same shi. Saboda haka duk ranar da aka ce an taɓa saifar baligi, to ta riga ta yi nisa. Akwai wadda kan sauko har cibiya, akwai wadda kan tsallake cibiya ta nufi ƙugun dama, nauyinta ya haura kilo biyu.

Aikin da take yi

Jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, a ɓargo ake yin su, kuma kowace kan yi kwana 120 tana zagaye kafin ta tsufa. Saifa ce ke tantance wadda ta tsufa. Hanyar da take bi tana da ban sha'awa. Wani kaso na jinin da ya shiga saifa ba ya bin jijiya ya wuce kai tsaye. Zubowa yake yi cikin wani nama mai kama da soso, kuma kafin ƙwaya ta koma jijiya sai ta kutsa ta wata 'yar kafa da ba ta kai rabin faɗinta ba. Sabuwar ƙwaya tana da laushi, sai ta lanƙwashe ta wuce. Wadda ta tsufa ta yi tauri, ko wadda ƙwayar cutar maleriya ta shiga cikinta, ko ta mai sikila da ta karkace, sai ta maƙale. Nan take wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a wurin su haɗiye ta, su kwashe sinadarin ƙarfen da ke cikinta a mayar wa ɓargo ya sake amfani da shi.

Ban da wannan, saifa na kama ƙwayoyin cutar da suka shiga jini, musamman masu haddasa ciwon huhu da sanƙarau, tana kuma yin sinadaran garkuwa. Sannan ma'ajiya ce. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da likitoci ke kira filetilet, waɗanda ke toshe rauni su tsayar da jini. A kowane lokaci kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ƙwayoyi suna zaune a saifa, biyu suna yawo.

Yadda babba ke cinye lissafi

Ka ɗauki saifa kamar shingen bincike a kan babbar hanya. Motocin kaya sun taso daga masana'anta cike, amma idan shingen ya faɗaɗa, masu binciken suka yi yawa, sai jerin gwano ya kafu. Mutumin da ke kasuwa zai ga kaya sun yi ƙaranci, ya ɗauka masana'anta ce ta tsaya, alhali kayan suna hanya an tsare su. Jinin da ake ɗiba a hannun marar lafiya a kai ɗakin gwaji, abin da ya iso kasuwa kaɗai yake nunawa.

Lissafin filetilet ne ya fi fito da wannan a fili. Mai lafiya yakan samu tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikirolita ta jini. A ce an gwada mutum an samu 200,000. Tunda kashi biyu cikin uku ne ke yawo, abin da jikinsa ya mallaka gaba ɗaya daidai yake da 300,000. To a ce saifarsa ta yi girman da take riƙe kashi 80 cikin ɗari. Ɓargonsa bai rage komai ba, jimillar tana nan 300,000, amma takardar gwaji za ta nuna 60,000 kacal. Saifa mai girman gaske kan riƙe har kashi 90. Wani likitan Amurka, Richard Aster, shi ya tabbatar da wannan a 1966, ta hanyar yi wa ƙwayoyin alama ya bi sawunsu ya ga inda suke taruwa.

Wannan ne ya sa mai irin wannan matsala, duk da ƙarancin da takarda ke nunawa, ba kasafai jini ke ɓalle masa haka kawai ba. Ƙwayoyin ba mutuwa suka yi ba, suna shiga suna fita, kuma jiki na iya kiran wasunsu idan ta ɓaci. Lambar ma ba ta cika sauka ƙasa da 50,000 ba. Idan aka ga 10,000 ko 15,000, kada a ɗora wa saifa laifin duka, a nemi wani dalilin.

Jajayen ƙwayoyi kuwa ta hanya uku suke raguwa. Da farko ana tsare su: saifa lafiyayya ɗan kaɗan take riƙewa, amma babba kan riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jiki. Sannan zaman da suke yi a cunkushe yana gajiyar da su, domin wurin ba isasshen sukari da iska, sai su tsufa da wuri, a haɗiye su tun ba su cika kwanakinsu ba. Ta ukun ita ce mutane ba su cika sani ba. Idan saifa ta yi girma ƙwarai, ruwan da ƙwayoyin ke iyo a cikinsa yakan ƙaru a jiki, sai jinin ya tsinke. Lambar da ake rubutawa PCV a takardar asibiti kason ƙwayoyi ne a cikin jini gaba ɗaya, don haka ruwa na ƙaruwa lambar na faɗuwa, ko da yawan ƙwayoyin bai ragu sosai ba. Fararen ƙwayoyi, sojojin jiki, su ma sukan taru a saifar, lambarsu ta sauka.

Idan abubuwa suka haɗu haka, wato saifa ta girma, ɗaya ko biyu ko duka ukun ƙwayoyin jini sun ragu, ɓargo kuma yana aikinsa har ma ya ƙara himma, shi ne likitoci ke cewa saifa ta yi zarin aiki. Ba kowace kumburarriyar saifa ce ke kai ga haka ba. Kuma zarin ba cuta ce mai zaman kanta ba, kullum akwai abin da ya kumbura saifar tun farko.

Me ya sa a ƙasashenmu?

A Turai idan likita ya taɓa babbar saifa, tunaninsa kan tafi ga cutar dajin jini ko hantar da giya ta lalata. A ƙasashe masu zafi waɗannan ma suna nan, amma an ƙara mana da wasu da suka fi su yawa, kuma na gaba-gaba shi ne zazzaɓin cizon sauro.

Duk lokacin da maleriya ta kama yaro, saifarsa kan ɗan kumbura saboda aikin kwashe ƙwayoyin da cutar ta shiga. Idan ya warke ta koma. Idan yana kamuwa a kai a kai, ba ta samun zarafin komawa. Abin ya zama ruwan dare har ya zamo ma'auni. Tun zamanin Turawa, jami'in lafiya kan shiga ƙauye ya jera yara 'yan shekara 2 zuwa 9 ya latsa cikinsu. Idan waɗanda aka taɓa saifarsu ba su wuce 10 cikin ɗari ba, maleriyar garin da sauƙi. Idan sun haura 75, garin na cikin mafi tsanani. A yawancin yara, da zarar sun girma garkuwarsu ta yi ƙwari, saifar kan koma bayan haƙarƙari.

Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya sanin iyaka. Garkuwarsu kan ci gaba da tunzura shekara da shekaru, tana zuba wani nau'in sinadarin garkuwa da ake rubutawa IgM fiye da kima. Sinadarin kan dunƙule da wasu abubuwa a jini, saifa da hanta su yi ta fama da kwashe dunƙulen, saifar ta yi ta girma. Abin mamaki, idan aka duba jinin irin wannan mutum a madubin likita, sau da yawa ba a ganin ƙwayar maleriya ko ɗaya. Martanin jikin ne ya zama cutar.

Arewacin Nijeriya na da hannu dumu-dumu a sanin wannan ciwo. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka yi wasu daga cikin muhimman bincike a kansa a shekarun 1970, kuma a 1981 Dakta Y. M. Fakunle ya fitar da sharuɗɗan gane shi, waɗanda har yau ake dogara da su: saifa ta sauko aƙalla santimita 10 ƙasa da haƙarƙari, IgM ya yi sama ƙwarai, akwai shaidar garkuwar maleriya mai ƙarfi a jini, sannan saifar ta janye idan aka daɗe ana shan maganin maleriya. Binciken Zariya ya kuma lura cewa ciwon ya fi yawa a Fulani fiye da maƙwabtansu da sauro ɗaya ke cizo, abin da ke nuna akwai gado a ciki. An san ciwon a Gana, da Yuganda, da Sudan, har da tsibirin Niyu Gini can gabashin duniya, inda a wani kwari ya kama mafi yawan manya.

Mu bi mace ɗaya daki-daki

Bari mu ƙaddara mace 'yar shekara 28, daga wata ruga a bakin fadama. Shekara biyu ke nan tana jin nauyi a gefen hagu, kamar ana jan cikinta ƙasa. Loma kaɗan take yi ta ƙoshi, saboda saifar ta danne tumbi. Tafiya kai tallar nono da ta saba yi ba ta ko nishi yanzu sai ta huta a hanya. Ta sha kwalaben maganin ƙarin jini ba adadi, an ba ta zoɓo da alayyafo, ba abin da ya sauya.

Likita ya kwantar da ita rigingine, ta ɗan naɗe gwiwoyi. Ba a ƙasan haƙarƙari zai fara latsawa ba. Daga can ƙasan ciki ta dama zai faro, yana hawowa a karkace zuwa hagu, yana ce mata ta ja numfashi, domin wanda ya fara daga sama yana iya dafa tsakiyar babbar saifa bai san ya wuce bakinta ba. Ya ji baki mai tauri ya bugi yatsunsa, da 'yar tsaga a gefensa, alamar da ke bambanta saifa da ƙoda. Ya sa tef ya auna: santimita 14 ƙasa da haƙarƙari. Ya rubuta, domin da wannan lamba za a yi hukunci nan da wata shida.

Sakamakon jini ya fito: PCV 24, alhali na mace lafiyayya kan kama daga 36 zuwa sama. Fararen ƙwayoyi 2,800, ƙasa da 4,000 da ake so. Filetilet 70,000. Duka ukun sun faɗi. Mijinta ya dubi takardar ya ce, "Likita, a ƙara mata jini mana, ga ƙannena nan biyu na zo da su." Likita ya ce, "Malam, a yi haƙuri tukuna. Jikinta yana yin jini, akwai inda yake maƙalewa ne."

Da me ya san haka? Ya sa an ƙirga sababbin jajayen ƙwayoyi, waɗanda ba su daɗe da barin ɓargo ba, aka ga sun fi yadda aka saba yawa. Ɓargon da ya gaza ba ya turo sababbi. An shafa jinin a gilashi an duba, ba a ga baƙin ƙwayoyi irin na cutar daji ba. Da akwai shakka, sai a tsotso ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu a duba shi kai tsaye. Sannan lambar fararen ƙwayoyin ita kanta ta yi magana. Akwai wata cutar dajin jini mai tafiyar hawainiya wadda ita ma ke kawo ƙatuwar saifa, amma ita fararen ƙwayoyi hawa suke yi, har su wuce 100,000.

Daga nan sai hanta. An yi gwajin HBsAg na ciwon hanta nau'in B, babu. An yi hoton ciki, hantar sumul, jijiyoyinta ba su buɗe ba, ba ruwa a ciki. An duba bayan gida, ba ƙwan tsutsa. An gwada ƙanjamau da sikila, babu. Gwajin IgM ba kowane asibiti ke da shi ba, saboda haka a aikace, idan an kore sauran dalilai, maganin ne ke zama gwajin.

Aka fara mata da cikakken maganin maleriya na kwana uku, sannan aka ɗora ta a kan na rigakafi na dogon lokaci, irin su furoguwanil da ake sha kullum, da ƙwayar folik asid don taimaka wa ɓargo, da gidan sauro. Abin da ake jira shi ne cikin wata shida saifar ta ragu da aƙalla kashi 40 cikin ɗari, wato daga santimita 14 ta dawo wajen 8. Idan ta janye, lambobin jini za su biyo baya da kansu, ba tare da an ƙara mata ko leda ɗaya ba.

Abu biyu ke ɓata wannan tafiya. Na farko, marar lafiya ya ji sauƙi a wata na uku ya ajiye magani, sauro kuma bai ajiye cizo ba, sai saifar ta dawo. Na biyu ya fi haɗari: a yi wata shida ana shan magani da gaske saifar ta ƙi motsi. Likitoci a Kumasi ta ƙasar Gana sun nuna cewa wasu da ake ɗauka wannan ciwon ne ke damunsu, a gaskiya cutar daji ce ta ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a saifa, musamman waɗanda suka manyanta. Don haka saifar da ta ƙi jin magani, a tura mai ita wurin ƙwararren likitan jini, kada a yi ta sabunta masa takardar magani.

Ba a ce ƙarin jini haramun ne ba. Da matar nan na da ciki, ko PCV ɗinta ya sauka har zuciya ta fara gazawa, dole a ƙara mata, domin masu wannan ciwo, musamman masu juna biyu, jininsu kan rushe farat ɗaya. Amma a saba, leda ɗaya kan ɗaga PCV da kamar maki uku, a mai ƙatuwar saifa kuwa ba ya kaiwa haka, kuma ba ya daɗewa, domin sabon jinin ma can zai je ya maƙale. Maganin ƙarin jini na kwalba kuwa, ƙarfe ne a cikinsa, ita kuma ba ƙarfe ta rasa ba. A ganina kuɗin da iyalai ke zubarwa a kan waɗannan kwalabe ya isa ya biya gwajin jini da hoton ciki tun farko.

Idan matsalar daga hanta ce

Jinin da ya fita daga saifa ba zuciya yake nufa kai tsaye ba. Haɗuwa yake da na hanji su bi wata babbar jijiya su ratsa hanta. Idan hanya ta toshe a hanta, jini kan yi baya ya taru, saifa ta cika ta kumbura. A nan saifar ba ta da laifin komai.

Abu biyu ne suka fi toshe wannan hanya a yankinmu. Ɗaya ciwon hanta nau'in B ne, wanda da yawa kan ɗauka tun suna jarirai, ya yi shekaru yana cin hanta a ɓoye har ta ƙanƙance ta yi tauri. Sau da yawa faɗuwar filetilet ce alamar farko da ke tona shi, tun ido bai yi shawara ba.

Ɗayan kuwa tsargiya ce, amma ba wadda aka fi sani mai sa yara fitsarin jini ba. Tana da 'yar'uwa da ke zama a jijiyoyin hanji. Tsutsar kan fito daga wani ɗan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Ƙwayayen da take sakawa jini kan kwashe su zuwa hanta, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, jiki ya yi ta yi musu tabo har jijiyoyin su shaƙe. Inda aka kawo noman rani na madatsar ruwa, can take samun gindin zama: gonakin Jazira a Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna suna noma, da magudanan Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga a Kano. Manomin da ta kama yakan yi shekaru da ƙarfinsa, domin naman hantar kansa yana aiki, jijiyoyin ne suka toshe. Sai dai jinin da ya rasa hanya kan nemi wata, ya kumbura jijiyoyin da ke ƙasan maƙogwaro, wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya yi aman jini cikin kwano. Wannan aman ne ke kisa, ba lambar da ke takarda ba.

Maganin tsutsar farazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Mai kilo 60 zai sha miligiram 2,400, wato ƙwaya huɗu masu 600. Yana kashe tsutsa, kuma a yara da matasa tabon da bai daɗe ba kan ragu, amma wanda ya shekara ashirin ba ya gogewa. Shi ya sa rabon wannan magani a makarantu ba abin rainawa ba ne. Wanda jijiyoyinsa suka riga suka kumbura, ana ba shi maganin rage matsin jinin wurin, ko a zura na'ura ta baki a ɗaure su da roba.

A gabashin Sudan, musamman jihar Gadarif, akwai kuma kala'azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da dare ke yaɗawa. Zazzaɓi ne da ke wuce mako biyu ba ya jin maganin maleriya, ga rama, ga ƙatuwar saifa, ga faɗuwar duka ƙwayoyin jini. Tana da magani, amma idan ba a yi ba kusan kowa take kashewa. Wanda ya dawo daga can da irin wannan zazzaɓi, ya gaya wa likita inda ya je.

A cire ta a huta?

Tambaya ce da iyalai kan yi, kuma gaskiya ne idan aka cire saifa lambobin jini kan tashi cikin kwanaki. Sai dai wanda ba shi da saifa a ƙasar sauro ya rasa babbar garkuwa. Maleriya kan yi masa mugun kamu, kuma ƙwayoyin cutar huhu da sanƙarau na iya mamaye jininsa su kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Tiyatar kanta a kan ƙatuwar saifa akwai zubar jini mai yawa. Saboda haka a kumburin da maleriya ta kawo, ba a cirewa. Ana ajiye tiyata ga saifar da ta fashe, ko wasu cututtukan jini na musamman, kuma ko da an yi, sai da allurar rigakafi, da maganin maleriya, da gargaɗin cewa kowane zazzaɓi na gaggawa ne har ƙarshen rayuwa.

Mai ɗauke da babbar saifa kuma ya sani ta fito daga inuwar haƙarƙari, ba abin da ya kare ta sai fatar ciki. Faɗuwa daga babur, ko harbin saniya, ko naushin dambe, ko gwiwar abokin ƙwallo, na iya fasa ta jini ya zuba a ciki ba a gani. Ciwo mai tsanani a hagu da ke harbawa zuwa kafaɗar hagu, da jiri, da gumi mai sanyi bayan an bugu, asibiti mai ɗakin tiyata ake nufa nan take. Kada a murza cikin, kada a yi masa tsaga ko ƙaho, domin aska ɗaya da ta zaga mutane tana iya ƙara masa ciwon hanta a kan wanda yake fama da shi. Ya kuma guji asfirin da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda ke raunana 'yan filetilet ɗin da suka rage, su kuma ci tumbi.

Yaro mai sikila: awoyi ne, ba watanni ba

Duk abin da aka faɗa a sama a hankali yake tafiya. Akwai guda ɗaya da ba ya jira. A yaro mai sikila, galibi daga wata shida zuwa shekara biyar, karkatattun ƙwayoyi kan toshe mafitar saifa farat ɗaya. Jini na shiga ba ya fita. Cikin 'yan awoyi saifar ta cika tam da kaso mai yawa na jinin yaron, tafin hannunsa da cikin leɓensa su yi fari fat, ya yi laƙwas, numfashi ya yi sauri, ciki ya tashi ta hagu. Yaron da ya karya kumallo yana wasa yana iya rasuwa kafin la'asar. A nan ƙarin jini shi ne ceto, amma likitoci kan sa shi kaɗan-kaɗan, domin da zarar saifar ta saki, jinin da ta tsare zai dawo ya haɗu da wanda aka ƙara. Yaron da abin ya taɓa samu kuma yana iya maimaita masa. Daga baya, a yawancin masu sikila, saifar kan ƙanƙance ta daina aiki saboda yawan toshewa, shi ya sa ake ba su fenisilin da allurar rigakafi tun suna ƙanana.

A ƙasar Jamaika an koya wa iyaye mata latsa cikin 'ya'yansu a gida, kuma mace-macen da wannan tarkon jini ke jawowa suka ragu ƙwarai. Ba kayan aiki ake buƙata ba, yatsu ne. Uwar da ke da ɗa mai sikila, ranar da kika koma asibiti ki ce wa nas ta kama hannunki ta ɗora a cikin yaron, ta nuna miki inda bakin saifarsa yake a ranar da yake lafiya. Ki riƙa dubawa lokacin wanka, da duk ranar da jikinsa ya yi zafi. Idan kika ji ta sauko fiye da inda kika saba jin ta, ko kika ga ya yi fari, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa, kada ki tsaya a kemis. Ki goya shi ki nufi asibitin da ke da jini.